Shafi Ɗaya, Shekara Talatin da Biyar: Yadda Shugaba Zai Rubuta Tarihin Abokin Aiki Mai Ritaya

Duk wanda ya taɓa halartar walimar ban kwana a ma'aikata ya san ɗan littafin da ake rabawa a bakin ƙofa. A bangonsa akwai hoton mai ritaya cikin babbar riga, a ciki akwai jerin abubuwan da za a gabatar, daga addu'ar buɗe taro zuwa jawabin godiya. A tsakiya kuma akwai shafi ɗaya mai taken taƙaitaccen tarihi. Jawabai suna wucewa da iska, abinci ya ƙare kafin la'asar, amma wannan shafin yana bin mutum gida. Uwargida za ta adana shi a cikin akwati, 'ya'ya za su ɗauki hotonsa a waya su tura wa dangi, wata rana ma jika zai karanta shi don ya san wane ne kakansa a wurin aiki.

Sau da yawa shugaban sashe ne ake ɗora wa rubuta shi, kuma sau da yawa ana gobe biki yake tunawa. Sai ya ɗauko na wanda ya yi ritaya bara, ya sauya suna da shekaru, ya bar sauran yadda yake: haziƙi, jajirtacce, mai gaskiya da riƙon amana. Kalmomin masu kyau ne, sai dai an faɗe su a kan kowa, don haka ba su nuna kowa ba. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, wannan shafin shaida ce da shugaba yake bayarwa a gaban mutanen da suka san gaskiyar magana. Adalcinta yana cikin ingancin kwanan wata da muƙamai, daɗinta kuma yana cikin abu ɗaya ko biyu da mutumin ya yi da hannunsa, waɗanda abokan aiki za su ji su gyaɗa kai.

Don maganar ta zauna, bari mu ƙaddara wani ma'aikaci, mu kira shi Malam Wane. A misalin namu, an haife shi a 1968, gwamnatin Jihar Kano ta ɗauke shi akawu a matakin albashi na 04 a watan Maris na 1990, kuma zai ajiye aiki a Maris na 2025 yana shugaban rajista, wato ofishin ajiyar fayiloli, a mataki na 13. Kai ne daraktan da ya yi aiki a ƙarƙashinka shekara shida na ƙarshe.

A fara da fayil

Kada ka rubuta kalma ɗaya kafin ka buɗe fayil ɗinsa, ka nemi takardar tarihin aiki da ofishin kula da ma'aikata yake ajiyewa. Ƙwaƙwalwa tana haɗa shekaru, musamman na mutumin da ya fara aiki kafin kai ka zo. Akwai ranaku uku da ake yawan rikitawa. Ta farko ita ce ranar da aka ɗauke shi aiki. Ta biyu ita ce ranar da aka tabbatar da shi, wadda a ƙa'idar aikin gwamnati takan zo bayan shekara biyu na gwaji. Ta uku ita ce ranar da ya hau muƙaminsa na yanzu. Idan ka ɗauki ranar tabbatarwa a matsayin ranar fara aiki, ka rubuta 1992 maimakon 1990, ka zabtare masa shekara biyu a bainar jama'a, kuma lissafin shekara 35 ɗin da aka buga a bangon littafin ba zai fita ba.

Sai kuma dalilin ritayar. Dokar aikin gwamnati a Nijeriya ta ce ma'aikaci zai sauka idan ya kai shekara 60 da haihuwa ko ya cika shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Malam Wane shekarunsa na haihuwa ba su wuce 57 ba, shekarun aiki ne suka cika. Wanda ya rubuta cewa ya yi ritaya “bayan cika shekara sittin” ya ƙara masa tsufan da bai kai ba, kuma ya buɗe ƙofar tsegumi a kan shekarun da ke cikin fayil. Ƙa'idar ma ba ɗaya ba ce ga kowa. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta kai ta malaman makaranta shekara 65 da haihuwa ko 40 na aiki, farfesoshin jami'a kuma suna kaiwa 70. Saboda haka a duba wadda ta shafi mutumin, kada a kwafo daga littafin wani.

Akwai wani abu da kan ruɗa wanda bai saba da matakan albashi ba. A tsarin ma'aikatun gwamnati, daga mataki na 10 ana tsallakawa ne zuwa na 12. Idan ka ga haka a fayil ɗin Malam Wane, kada ka rubuta cewa an yi masa ƙarin girma na musamman saboda ƙwazo. Tsari ne da ya shafi kowa, kuma duk ma'aikacin da ke zauren ya san da haka. Yabon da ya tsaya a kan kuskure irin wannan yana sa a yi shakkar sauran abin da ka rubuta.

Sannan a tafi wurin mutane

Fayil zai ba ka ƙashi, tsoka tana wurin mutane. Ka zauna da mutum uku: wanda suka fara aiki tare, wanda ya koyi aiki a hannunsa, da wanda yake zuwa neman hidima a teburinsa, ko masinja ne ko direba. Kada ka tambaye su yaya halinsa yake, domin amsar da za ka samu ita ce “ai mutumin kirki ne”. Tambaye su abin da ya faru. Wace rana ce ba za ka manta da ita ba a aikinku tare? Me ya koya maka da har yau kake yi? Me zai tsaya a ofishin nan ranar Litinin idan babu shi?

A misalinmu, tsohon abokin aikinsa zai tuna maka da 1991. A ranar 27 ga Agusta na wannan shekarar aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga cikin Kano, ma'aikata 'yan asalin sabuwar jihar suka koma Dutse. Mu ce Malam Wane yana cikin ƙananan akawun da suka tantance fayiloli, suka ɗaure su dami-dami, suka bi mota da su, sannan suka jera su a sabon wuri da babu isassun kantoci. Wannan ba ya cikin takardar tarihin aiki. Abin da ke ciki layi ɗaya ne, an mayar da shi Jihar Jigawa. Yarinyar da ta koyi aiki a hannunsa kuma za ta ce maka ba ya barin fayil ya fita daga rajista sai an rubuta a littafi wanda ya ɗauka da ranar da ya ɗauka, ko da darakta ne ya aiko. Masinja zai ce idan tsoho ɗan fansho ya zo daga ƙauye neman fayil ɗinsa, Malam yakan ba shi kujera, ba ya kuma tashi sai an gano shi.

Da waɗannan ukun ka sami abin da “haziƙi” da “jajirtacce” ba za su taɓa ba ka ba. Abin da ya rage shi ne tacewa. Duk labarin da mutum ɗaya kaɗai ya faɗa, ka nemi na biyu ya gaskata shi. Duk adadin da za ka buga, ka ƙirga shi. Idan an ce ya horar da akawu masu yawa, a zauna a lissafa sunayensu. In goma sha ɗaya aka samu, a rubuta goma sha ɗaya. Wannan ya fi “ɗaruruwa” nauyi, domin wasu daga cikinsu suna zaune a zauren, suna iya ɗaga hannu.

Inda adalci yake da wuya

Babu wanda zai shekara 35 a wuri ɗaya ba tare da tabo ba. A fayil ɗin Malam Wane za ka ga ya hau mataki na 09 a 2006, bai sami na 10 ba sai 2015. A ƙa'ida, tsakanin mataki na 07 da na 14 shekara uku ce mafi ƙarancin zama kafin a duba ƙarin girma, shi kuwa ya yi tara. Wataƙila babu gurbi ne, wataƙila an dakatar da ƙarin girma a lokacin, wataƙila kuma an danne shi. Yaran da ya koya wa aiki sun wuce shi, wani ma ya zama ubangidansa.

Kuskure biyu ake yi a nan. Na farko shi ne a jero kowane ƙarin girma da shekararsa, sai giɓin ya fito fili, kowa ya riƙa lissafi da yatsu. Na biyu shi ne a mayar da shafin dandalin kai ƙara, a rubuta cewa “duk da zaluncin da aka yi masa”, alhali waɗanda ake nufi suna zaune a babban teburi. Hanya ta uku ita ce a ambaci matakin da ya fara da wanda ya ƙare, a zaɓi mahaɗa biyu ko uku masu muhimmanci a tsakani, sannan a cike shekarun tsayuwar da aikin da ya yi a cikinsu. Albashinsa ne ya tsaya a waɗannan shekaru, aikinsa bai tsaya ba, kuma aikin ne ake karramawa.

Haka ma takardar tuhuma. Idan an taɓa ba shi, ya amsa, magana ta mutu, to ba ta da gurbi a littafin biki. Abin da ke cikin fayil na sirri amana ne a hannun shugaba. Amma rufin asiri yana da iyaka: kada ka rubuta kishiyar abin da ka sani. Idan akwai tuhuma a fayil, kada ka ce “bai taɓa samun takardar tuhuma ba”. Idan kowa ya san yana makara, kada ka yabe shi da sammako. Ka yi shiru a inda ba shi da ƙarfi, ka buɗe baki a inda yake da shi. Mai zafin rai da ba ya jure sakaci, gaskiya ne ka ce ba ya wasa da ƙa'idar aiki. Ƙarya ce ka ce ya fi kowa haƙuri, kuma murmushin da za ka gani a fuskokin ma'aikata lokacin da ake karantawa zai rage masa daraja ne.

Akwai kuma adalci ga waɗanda suka rage. Idan aiki na mutum biyar ne, kada a ce shi kaɗai ya yi. “Yana cikin waɗanda suka” da “ya jagoranci” da “shi ya ƙirƙiro” matakai uku ne daban, kuma ma'aikata sun san wanda ya dace. A guji “babu kamarsa” da “ba za a sake samun irinsa ba”, domin wanda zai gaje shi yana saurare, kuma wanda ya yi ritaya bara ma an gayyato shi. Yana da kyau ma'aikata ta tsayar da ma'auni ɗaya, shafi ɗaya ga darakta, shafi ɗaya ga direba. Idan na babba ya cika shafi huɗu, na ƙarami ya tsaya a layi biyar, littafin ya riga ya faɗi abin da ma'aikatar take ɗaukar mutane.

To, idan kai da shi kun taɓa saɓawa fa? Zo mu zauna, zo mu saɓa. Abin tsoro shi ne sanyin zuciya yakan fito a rubutu ba tare da marubuci ya lura ba, ta hanyar gajerun jimloli da yabo na dole. Maganinsa shi ne ka dogara da shaidar waɗancan mutum ukun fiye da taka, sannan ka ba wani da yake ƙaunarsa ya karanta. Kuma ka ƙirga sau nawa “ni” ta fito. Shafin da ya cika da “lokacin da na zo” da “a ƙarƙashin jagorancina” ya zama tarihin shugaba.

Maganar iyali

An saba rufe irin wannan tarihi da cewa yana da aure da 'ya'ya. A nan sai an nemi izini. Wani ba ya son a buga sunan matarsa a takardar da za ta shiga hannun kowa. Wani yana jin nauyin a ambaci sunan ɗan farinsa. Wata ma'aikaciya ta rasa miji, ko aurenta ya mutu, ko Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma layi ɗaya da aka kwafo daga tsohon littafi zai iya ɓata mata ranar baki ɗaya. Rashin lafiya ma haka, ko da ita ce ta jawo ritayar. Sunan girma kuwa a tambaya kai tsaye: Alhaji yake so ko Malam, Hajiya ko Malama, yana da sarauta, kuma yaya yake rubuta sunansa. Tambayar ba ta da wuya. Ka same shi shi kaɗai ka ce, “Malam, ga abin da muka rubuta, a duba mana. In akwai abin da ba a so ya fita, a soke shi.” Wasu suna so su ɓoye rubutun don ya zo masa ba zato. A ɓoye kyauta, amma kada a ɓoye abin da za a buga da sunan mutum.

Yadda shafin zai kasance

Kalma 250 zuwa 300 sun isa. Suna shiga shafi ɗaya tare da hoto, kuma mai gabatarwa zai karanta su cikin kimanin minti uku kafin hankalin jama'a ya watse. Kashi huɗu ne: asali da karatu a taƙaice, tafiyar aiki, abin da ya bari, sai godiya da addu'a. Kashi na uku ne ya kamata ya fi samun wuri. Ga yadda zuciyar na Malam Wane za ta iya fitowa:

“Malam Wane ya fara aiki da gwamnatin Jihar Kano a watan Maris na 1990 a matsayin akawu, a mataki na 04. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, yana cikin matasan da suka tantance fayilolin ma'aikata, suka rako su Dutse, suka jera su a sabuwar rajista. Yana aiki yana karatu har ya sami difloma a 1999, wadda ta buɗe masa hanyar shiga sahun manyan ma'aikata. Yau yana ajiye aiki a mataki na 13, yana shugaban rajista, bayan cika shekara 35.

“A hannunsa, fayil ba ya fita sai an rubuta wanda ya ɗauka da ranar da ya ɗauka, komai girman wanda ya aiko. Akawu goma sha ɗaya suka koyi wannan tarbiyya a teburinsa, uku daga cikinsu yau suna riƙe da rajista a wasu ma'aikatu. 'Yan fansho sun san kujerar da ke gefen teburinsa, sun kuma san ba ya tashi sai an gano fayil ɗinsu. Malam, mun gode. Allah ya saka da alheri, ya sa albarka a hutun da za a shiga, ya ba da lafiya da nisan kwana.”

A lura da abin da aka yi. Babu “haziƙi”, babu “mai riƙon amana”, amma duk wanda ya ji ya san mutumin yana da su. Shekara tara na tsayuwa ba su fito ba, kuma ba a yi ƙarya ko ɗaya don ɓoye su ba. An ce “yana cikin matasan”, don abokan tafiyarsa na 1991 su ma su ji an tuna da su. Shugaba bai bayyana ba sai a “mun gode”, kuma da bakin kowa ya faɗe ta.

Gwaji kafin a kai maɗaba'a

Akwai gwaji uku masu sauƙi. Rufe sunan da yatsa, ka karanta wa wani tsohon ma'aikaci. Idan bai gane wanda ake nufi ba, ka rubuta tarihin kowa ne, sai a koma wurin mutane. Na biyu, ka karanta da ƙarfi kana duba agogo, duk inda numfashi ya yanke ka raba jimlar. Na uku, ka ba jami'in kula da ma'aikata ya bi kowace shekara da kowane muƙami da biro, yana gwadawa da fayil.

Lokaci ma yana cikin aikin. Ranar ritaya ba ta zuwa bagatatan, ana saninta tun da nisa, kuma ma'aikaci yakan ba da sanarwa wata uku kafin ta zo. A fara tattara bayani wata guda kafin biki, a gama rubutu saura mako biyu, a karɓi bugun gwaji daga maɗaba'a saura mako ɗaya. A bugun gwajin a duba suna harafi bayan harafi, a duba shekaru, a tabbata hoton nasa ne kuma wanda ya amince da shi ne. Idan da Hausa aka rubuta, a duba haruffa masu lanƙwasa, domin injin da bai san su ba yakan mayar da “ƙasa” ta koma “kasa”, ko ya bar gurbinsu fayau. Idan kuma da Turanci za a buga, a tanadi na Hausa da za a karanta, don mahaifiyarsa da matansa da 'yan'uwan da suka zo daga gida su ji da kunnensu abin da aka shaidi ɗansu da shi.

Kirana ga shugabannin sassa shi ne kada a miƙa wannan aikin ga ƙaramin ma'aikaci ana gobe biki. Mutumin da ya ba ma'aikata ƙuruciyarsa ya cancanci ka buɗe fayil ɗinsa, ka zauna da mutum uku, ka kuma nuna masa abin da ka rubuta. Hausawa suna cewa shaidar duniya ita ce ta lahira. Ka ba da taka da gaskiya, ka ba da ita da ƙauna, domin ranar da naka shekarun za su cika, wani ne zai ɗauki biro ya rubuta naka shafin.